Idan An Ce Iliminka Ya Wuce Aikin

Yau da mai neman aiki za mu yi magana, wanda ya yi digiri na biyu, ya shekara takwas yana riƙe da sashen lissafin kuɗi a wata masana'anta ta Kano har ta rufe, ya nemi aikin ƙaramin akawu, sai jami'in ɗaukar ma'aikata ya ce masa iliminsa ya wuce wannan matsayi.

Lalle wannan kalami ba yabo ba ne, domin abin da ke zuciyar jami'in shi ne tsoron kada a ɗauke ka, a ɓata watanni ana nuna maka hanyar aiki, sa'an nan ka sami wani wuri mai tsoka ka yi gaba, ko ka raina albashin, ko kuwa ka kasa yin ladabi ga shugaban da ka girme shi a shekaru da sani. Saboda haka jawabin da ya dace shi ne wanda zai warware shubuhar, bayan ka tambaye shi cikin natsuwa wanne daga cikin waɗannan abubuwa ya fi damunsa.

In ya ce tsoron kada ka yi gaba ne, sai ka ce: "Ranka ya daɗe, iyalina a garin nan suke, albashin da kuka sanar na gani na yarda da shi, kuma a shirye nake in sa hannu kan yarjejeniyar shekara biyu." Amma fa kada ka ɗauki alkawarin da ba ka da niyyar cikawa, kada kuma ka ce ko wane aiki ne za ka yi, gama wannan lafazi shi ke tabbatar masa da cewa matsi ne ya kawo ka, kuma ran da matsin ya kau za ka tafi.