Rabin Gaskiya Ba Ta Cin Maki: Hukuncin Zaɓi a Jarrabawar A, B, C, D

Laccar da aka gabatar a gaban malaman sakandare, iyayen yara da ɗalibai masu shirin shiga jami'a, a garin Kalgo

 

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, kuma mazauninta na dindindin ya zo nan ƙasar Kalgo, burin shiga jami'a ya matso kusa da gidajenmu. Sai dai ƙofar shigar ba ta sauya ba. Ita ce jarrabawar hukumar JAMB: tambayoyi 180 cikin awa biyu a gaban kwamfuta, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, kowace tambaya da zaɓi huɗu. Duk shekara idan sakamako ya fito, sai ka ji yaro yana rantsuwa cewa abin da ya zaɓa gaskiya ne, yana nan a littafi, amma an hana shi maki. Sau da yawa yaron bai yi ƙarya ba. Abin da ya zaɓa yana da gaskiya a cikinsa, kuma hana shi makin daidai ne. Dalilin haɗuwar waɗannan biyun shi ne batun laccata.

Bari mu ɗauki tambaya guda daga darasin ilimin halittu, mu warware ta. An ce: mene ne ke haddasa cutar maleriya? A, cizon sauro. B, ruwan da ya kwanta a kusa da gida. C, ƙwayar filasmodiyam. D, shan gurɓataccen ruwa.

Zaɓin D ƙarya ne tsantsa, domin ruwan sha yana kawo kwalara da taifot, amma ba ya kawo maleriya. Zaɓin B yana da ɗan ƙamshin gaskiya: duk wanda ya yi damina a bakin fadamar nan ya san inda ruwa ya kwanta nan sauro ke hayayyafa. Zaɓin A ya fi shi kusa, har ma sunan da muke kiran cutar da shi a gida ya goya masa baya. To, me ya sa C kaɗai ke cin maki?

Ku gwada kowane zaɓi da tambayoyi biyu. Ta farko, ana iya samun abin ba tare da an kamu da cutar ba? Ta biyu, ana iya kamuwa da cutar ba tare da abin ba? Sauro yana cizon mutum dare da rana bai sa masa maleriya ba, muddin ba macen anofilis ba ce mai ɗauke da ƙwayar. Haka kuma ana iya kamuwa da maleriya ba tare da cizon sauro ba, ta hanyar ƙarin jinin da ke da ƙwayar, ko daga uwa zuwa jaririn da ke cikinta. Amma babu wanda ya taɓa yin maleriya ba tare da filasmodiyam a jikinsa ba. Sauro ɗan aike ne, ruwa gidan ɗan aike ne, ƙwayar ita ce sanadi. Wannan rarrabewa ta ɗauki masana shekaru: a 1880 Laveran ya ga ƙwayar a jinin majinyaci a ƙasar Aljeriya, sai a 1897 Ronald Ross ya gan ta a cikin sauro a Indiya. Mai tsara tambayar yana son ya san ko ɗalibi ya kai ga wannan rarrabewa. Wanda ya zaɓi A ya faɗi abin da kowa a kasuwa ya sani. Wanda ya zaɓi C ya nuna abin da ya koyo a aji.

Daga nan za mu fahimci ƙa'idar farko. Ba a auna zaɓi shi kaɗai. Ana auna shi da abin da aka tambaya, sannan a auna shi da 'yan'uwansa uku. Da a ce babu C, an maye gurbinsa da "zafin rana", da A ne amsa, kuma da ya ci makinsa cikakke. Da a ce tambayar ita ce ta wace hanya cutar ta fi yaɗuwa, da A ne amsa ko da C yana nan. Jimlar ba ta sauya ko da harafi ɗaya ba, matsayinta ne ya sauya. Mu mutanen ƙasar Gwandu bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. A zauren fiƙihun Malikiyya an san mas'ala mai zantuka biyu, ɗaya rajihi ɗaya marjuhi. Marjuhi ba shirme ba ne, wani malami ne ya faɗe shi, kuma yana da madogara. Duk da haka, idan aka zo fatawa, da mai rinjaye ake yi.

Wani zai ce, to a raba mana gardama, a ba mai rabin gaskiya rabin maki. Magana ce mai daɗin ji, amma mu buga lissafinta. A darasi mai tambaya 40, ɗalibin da bai san komai ba, ya dinga canki-canka, zai dace da ɗaya cikin huɗu, wato kimanin maki 10. Idan aka ce kowace tambaya tana da zaɓi guda mai rabin maki, zai faɗa kansa sau 10, ya ƙara maki 5, ya tashi da 15. Wannan ma da sauƙi. Ku dubi ɗalibi na biyu, wanda iyakar saninsa ya kore zaɓi biyu masu rauni, ya rage A da C, bai san bambancinsu ba. A tsarin da muke kai, zai dace a rabin tambayoyin, ya sami 20. A tsarin rabin maki, rabi ya ci cikakke, rabi ya ci rabi, ya tashi da 30 cikin 40, alhali bai rarrabe sanadi da ɗan aike ko sau ɗaya ba. Tazararsa da wanda ya san darasin sarai ta ragu daga maki 20 zuwa 10. Jarrabawar da aikinta shi ne ta tace masu neman gurbin karatun likita ko injiniya, ta rasa rabin kaifinta a daidai wurin da aka fi buƙatarsa. Zaɓi mai rabin gaskiya da gangan aka dasa shi, domin shi ne ke yin aikin tacewar. Zaɓin da kowa ya san ƙarya ne cika layi kawai yake yi.

Amma wannan hukunci yana da sharaɗi, kuma nauyin sharaɗin a wuyanmu malamai yake. Dole fifikon amsar ya zama wanda za a iya kare shi da hujja daga cikin tambayar kanta. Ga misali daga tarihin gida. Malami ya rubuta: ina ne hedikwatar masarautar Gwandu? A, Gwandu. B, Birnin Kebbi. C, Argungu. D, Kalgo. Ya ajiye B a matsayin amsa, domin a yau fadar Mai Martaba Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi take. Sai dai ɗalibin da ya karanta tarihi ya san cewa bayan rabon ragamar mulki da Shehu Usmanu ya yi a 1812, ɓangaren yamma ya koma hannun ƙanensa Abdullahi ɗan Fodiyo, Gwandu ta zama cibiyar wannan ɓangare, a can hubbaren Abdullahi yake, kuma sai a farkon zamanin Turawa fadar ta koma Birnin Kebbi. Wannan ɗalibi zai tsaya yana kai-kawo tsakanin A da B, kuma ilminsa ne ya jefa shi cikin ruɗu. A nan babu mafifici, domin tambayar ba ta faɗi zamani ba. Laifin na mai tambaya ne. Kalmomi biyu sun isa gyara: a ƙara "a yau". Da zarar an ƙara su, zaɓin A ya koma gaskiyar jiya, ya zama kuskure na halal, kuma mai ƙorafi ba shi da bakin magana.

Ta yaya malami zai gane wace iri ce tambayarsa? Akwai hanya mai sauƙi da ba ta buƙatar kwamfuta, wadda masana auna ilimi suka daɗe suna bi tun bayan aikin Truman Kelley na 1939. A jera takardun ɗalibai daga mafi maki zuwa mafi ƙaranci, a ware kashi 27 cikin 100 na sama da kashi 27 na ƙasa, a ƙirga abin da kowane rukuni ya zaɓa. Mu ƙaddara ɗalibai 100 ne. A tambayar maleriya, a ce cikin 27 na sama, 21 sun zaɓi C, 5 sun zaɓi A, 1 ya zaɓi B. Cikin 27 na ƙasa, 8 sun zaɓi C, 12 sun zaɓi A, 4 B, 3 D. A cire 8 daga 21, a raba 13 da 27, a sami 0.48. Bisa al'adar masu wannan fanni, abin da ya kai 0.40 tambaya ce mai kyau. Ku lura kuma, zaɓin A ya fi jan na ƙasa, wanda shi ne aikin da aka ɗora masa. A tambayar Gwandu mara zamani kuwa, a ce na sama sun rabu, 14 a B, 13 a A, na ƙasa kuma 13 sun zaɓi B. A raba 1 da 27, a sami 0.04, ƙasa ƙwarai da 0.20 da ake fara zargin tambaya a kai. Duk lokacin da kuka ga haziƙan aji sun rabu biyu a kan zaɓi biyu, kada ku tuhumi yaran. Ku koma ga tambayar, ku soke ta daga lissafi ko ku karɓi amsoshin biyu, sannan ku gyara ta kafin zango na gaba.

Ku kuma ɗalibai, abin da wannan ke nufi a ɗakin jarrabawa shi ne, kada ku tsaya a kan zaɓin farko da ya yi muku kama da gaskiya. Tambaya 180 cikin minti 120 na nufin daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, kuma gaggawa ce ke sa a danna A tun ba a karanta C ba. Ku karanta huɗun duka. Ku nemo kalmar da ta ɗaure tambayar: sanadi ake nema ko hanya, yau ko jiya, babban dalili ko ɗaya daga cikin dalilai. A takardar Turanci za ku ga an ce a zaɓi kalmar da ta fi kusa a ma'ana, wanda ya nuna tun daga umurnin cewa kusa-kusa na iya fin ɗaya. Idan zaɓi biyu suka rage, ku tambayi kanku me ɗaya ya ƙunsa wanda ɗayan ya bari, ko wanne ne ke da togaciyar da za ta karya shi, kamar yadda ƙarin jini ya karya cizon sauro.

Roƙona ga shugabannin makarantunmu na Kalgo da Gwandu guda ɗaya ne. Idan an gama jarrabawar gwaji, kada a tsaya ga karanta wa yara jerin haruffa. A ware darasi guda, a ɗauki tambayoyi biyar da suka fi kayar da su, a sa kowane ɗalibi ya faɗi dalilin da ya sa zaɓin da ya zo na biyu bai zo na ɗaya ba. Inda ɗalibi ya kasa, an gano abin da za a sake koyarwa. Inda malamin da kansa ya kasa, an gano tambayar da za a sake rubutawa.

 Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya sa mu fi ƙarfin amanar da aka ba mu.