Caki ba kuɗi ba ne sai ya wuce: abin da mai sayar da amfanin gona ya kamata ya sani

Yau maganar cakin banki za mu yi, musamman ga 'yan uwa na Ɗambatta, Makoɗa, Bichi da Kunci, inda dillalai ke shigowa sayen kaya da kaka.

Caki umarni ne a rubuce. Mai asusu yana ce wa bankinsa: ku ɗebi kaza daga kuɗina ku ba wane. To ka ga ke nan takardar ba ta da wani ƙarfi sai in akwai kuɗin a asusun, kuma bankin ya yarda shi ne ya rubuta.

Bari mu ɗauki misali. A ce ranar Lahadi, ranar kasuwar Ɗambatta, wani dillali daga Dawanau ya sayi wakenka buhu 40, kowane buhu naira 60,000. Ya rubuta maka cakin naira 2,400,000. Abu na farko, ba za ka je kanta a ƙirgo maka ba, domin tun ƙarshen 2022 Babban Bankin Najeriya ya ce cakin da wani ya rubuta maka, in ya haura naira 100,000, sai dai a zuba shi a asusu.

Litinin da safe ka kai bankinka. In bankinku ɗaya da dillalin, galibi a ranar ake gamawa. In bankinku daban, sai an bi ta hanyar tantancewa tsakanin bankuna, wadda kamfanin NIBSS ke kula da ita. A da takardar ce da kanta ke yin tafiyar. Tun 2013 kuwa, a duk faɗin ƙasar nan hotonta ake ɗauka a tura wa bankin dillalin. Su duba sa hannu, su duba asusu, sannan su biya ko su dawo da shi. Ƙa'idar ita ce ranar da cakin ya shiga, a ƙara ranar aiki ɗaya. Wato naka na Litinin, sai zuwa daren Talata.

Amma ku lura, ranar aiki aka ce. In Juma'a da yamma ka kai, bayan an rufe karɓar na ranar, zai iya kwana har Litinin kafin ya shiga, ka ga kuɗinka Talata. In hutun Sallah ya gitta, ƙara lissafi.

Ga inda ake cutar mutane. Da ka zuba cakin, wani lokacin saƙo zai shigo wayarka, ka ga adadin ya hau. Kar ka ce a loda mota tukuna. Buɗe manhajar bankin ka duba layi biyu: Ledger Balance yana iya haɗawa da cakin da bai wuce ba, Available Balance shi ne kuɗin da za ka iya taɓawa. Na biyun shi ne naka.

To me ke sa caki ya dawo? Babban dalili, babu isassun kuɗi. Ko naira 2,390,000 ke asusun dillalin, ba za a ba ka rabi ba, duka za a dawo da shi. Sai kuma kurakuran takarda: sa hannu bai yi daidai da wanda banki ke da shi ba, ko adadin da aka rubuta da kalmomi ya saba da na lambobi, ko an goge an gyara. Kwanan wata ma na kayar da shi: in an sa ranar da ba ta zo ba, sai ka jira, in kuma ya wuce wata 6, ya tsufa. Haka nan cakin da ya haura naira miliyan 10 ba ya bin wannan hanya. Kuma mai cakin na iya kiran bankinsa ya ce a dakatar, ko banki ya neme shi don tabbatarwa bai ɗaga waya ba.

In ya dawo don babu kuɗi, doka na bayanka. Dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara ga wanda ya karɓi kaya da cakin bogi, amma da sharaɗin an kai cakin banki cikin wata 3 daga ranar da ke jikinsa. Don haka kar ka ajiye shi ƙarƙashin katifa don kunyar mai shi. Ka nemi banki su ba ka dalilin dawowar a rubuce, shi ne hujjarka.

Sai dai shari'a ba ta saurin dawo da wake. Yarjejeniya mafi sauƙi ita ce: "Alhaji, kaya na nan a rumbu da sunanka, Laraba da safe a turo mota." Mai gaskiya ba zai ƙi kwana uku ba.

Ku tura wa Baba da yayye masu sayar da kaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.