Soke Wasiyya da Canza Ta: Inda Dokokinmu Suka Bar Giɓi

Lacca ce da aka gabatar gaban taron lauyoyi, alƙalai da ɗaliban shari'a

Wasiyya ba ta fara aiki sai mai ita ya rasu. Muddin yana raye kuma yana cikin hankalinsa, yana da ikon janye ta, ko rage ta, ko musanya ta da wata, kuma wanda aka yi wa alkawari a cikinta ba shi da ta cewa. A kan wannan tushe fiƙihun Malikiyya da dokar da aka gada daga Ingila sun yi ittifaƙi. Imam Malik ya tabbatar da shi a Muwaɗɗa, Dokar Wasiyya ta Ingila ta 1837 ma a kansa aka gina ta. Jama'ar wannan zaure sun san yadda wannan doka ta shigo Najeriya da kuma jihohin da suka yi tasu daga baya, don haka ba sai an maimaita ba. Inda tsarin biyu suka rabu shi ne hanyar sokewa, kuma a nan ne magada ke shan wahala.

Hanya ta farko ita ce sabuwar wasiyya. Sashe na 20 na dokar 1837 ya yarda a soke tsohuwa da sabuwa, ko da ratayen da aka ƙara mata, ko da takardar da ta bayyana niyyar sokewa, amma da sharaɗi guda: sai an cika ƙa'idojin sashe na 9, wato rubutu, sa hannun mai wasiyya, da shaidu biyu da suka halarta a lokaci ɗaya. Wasiƙar da mutum ya aika wa lauyansa yana cewa ya fasa, in babu shaidu, takarda ce kawai. Haka gyaran da aka yi da biro a gefen shafi: sashe na 21 ya ce sai mai wasiyya da shaidunsa sun sa hannu kusa da gyaran, in ba haka ba kalmomin asali ne za su yi aiki matuƙar ana iya karanta su.

Idan sabuwar wasiyya ba ta ce komai game da tsohuwa ba, kotu tana karanta su tare, ta bar ta baya ta rinjayi ta farko a inda suka ci karo kaɗai. Malikiyya sun bi wata hanya daban. A Mukhtasar na Khalil, idan mutum ya yi wasiyya da gona ga wani, daga baya ya sake yin wasiyya da ita ga wani dabam bai ambaci na farko ba, raba ta za su yi. Sai in ya ce gonar da ya ba wane yanzu ta wane ce, sannan ta zama janyewa. Lauyan da ya saba da tsarin Ingila yakan ɗauka ta ƙarshe ce ke ci a kowane hali, ya je kotun shari'ar Musulunci ya sha mamaki. Akwai kuma sakacin da ya zama al'ada a ofisoshin lauyoyi, na kwafo jimlar nan mai soke duk wasiyyoyin baya a saka ta a kowace takarda ba tare da an tambayi mai wasiyya ba. Ɗan kasuwar da ke da wasiyya ta daban a kan gidansa na Yamai zai iya rushe ta da wannan jimla alhali shagunansa na Kano kawai ya zo tsarawa.

Hanya ta biyu ita ce lalata takardar. Sashe na 20 ya ambaci ƙonawa, yagawa, ko hallaka ta ta wata hanya, kuma yana neman abu biyu a haɗe: aikin lalatawa da niyyar sokewa. Shari'ar Cheese da Lovejoy ta 1877 ta nuna abin da ke faruwa idan niyya ta samu amma aiki bai cika ba. Mai wasiyya ya ja layi a kan wasu sassa, ya rubuta a baya cewa an soke, ya jefa takardar cikin tarin takardun shara. 'Yar aikin gidan ta tsince ta, ta ajiye a kicin, aka same ta bayan wasu shekaru, lokacin da ya rasu. Kotu ta ce wasiyyar tana nan daram, domin bai ƙona ba, bai yaga ba, rubutun sokewar kuma babu shaidu. A shari'ar Gill da Gill ta 1909 akasin haka aka gani: matar ce ta yaga wasiyyar mijinta cikin fushi a gabansa, amma ba da umarninsa ba, shirun da ya yi daga baya kuma bai mayar da yagar ta zama sokewa ba. Idan wani ne zai lalata takardar, dole ya zama a gaban mai ita kuma da umarninsa, saboda haka lauyan da aka buga wa waya aka ce ya ƙona wasiyya a ofishinsa bai soke komai ba.

Wasiyyar da aka san tana hannun mamaci amma aka neme ta aka rasa, doka tana ɗaukar shi ya lalata ta da niyya, sai in an kawo hujjar da ta karya wannan zato. A gidan da magada da yawa ke da mabuɗin ɗakin mamaci, wannan zato ƙofar zalunci ce. Ajiye wasiyya a rajistar babbar kotu yana rufe ta.

A fiƙihu takarda shaida ce kawai, ba ita ce wasiyyar ba, don haka janyewa tana tabbata da magana a gaban shaidu, ko da aikin da ya fitar da abin daga mallaka ko ya sauya kamanninsa: sayar da gidan, yanka tunkiyar, saƙa zaren ya zama zane. Jinginar da abin ba janyewa ba ce.

Hanya ta uku ita ce canjin matsayin aure, kuma ita ce ta fi cancantar lokacin wannan taro. Sashe na 18 na dokar 1837 ya ce aure yana soke wasiyyar da aka yi kafinsa. Ba ya tambayar niyya, ba ya duba ko ango ya san da hukuncin. Ranar da aka ɗaura auren wasiyyar gaba ɗaya ta faɗi, har da kason da aka ware wa marayu, da na makaranta, da sunan wanda aka naɗa ya kula da rabon. Hujjar masu kare wannan sashe ita ce yana kare sabuwar mata da 'ya'yan da za a haifa. Hujjar tana da ɗan nauyi, sai dai an rubuta sashen ne don ƙasar da aure iri ɗaya ne kuma mata ɗaya ce. Dokar tsohuwar Jihar Yamma ta 1959 da ta Legas sun gane haka, suka ware auren gargajiya daga hukuncin.

Kotun Ƙoli ta gamu da matsalar ido da ido a shari'ar Jadesimi da Okotie-Eboh a 1996. Cif Festus Okotie-Eboh, ministan kuɗi na Jamhuriya ta Farko, ya auri matarsa bisa al'adar Itsekiri a 1942, ya rubuta wasiyya a 1947, sannan ya sake ɗaura aure da ita wannan matar a ƙarƙashin Dokar Aure a 1961, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Tambayar ita ce ko auren 1961 ya soke wasiyyar 1947. Kotun ta ce bai soke ba, domin ma'auratan tun da can miji da mata ne. Hukuncin daidai ne, amma sai da aka shekara 30 bayan rasuwar mutumin kafin a kai ga amsar da layi biyu a cikin doka za su iya bayarwa.

Giɓin da ya fi wannan muni shi ne saki. A dokar 1837 rabuwar aure ba ta taɓa wasiyya. Sashe na 19 ma ya hana a ɗauka an soke wasiyya don kawai al'amura sun canza. Mutumin da ya bar wa matarsa gidansa, suka rabu a kotu bayan rigima mai tsawo, ya mutu bai koma wurin lauya ba, tsohuwar matar ce za ta karɓi gidan. Ingila ta gyara wannan a 1982, ta ƙara gyarawa a 1995, ta yadda ake ɗaukar tsohon abokin zama kamar ya riga mai wasiyya mutuwa. Waɗannan gyare-gyare sun zo bayan 1900, don haka ba su shafi Najeriya ba. Jihohin da ke aiki da dokar 1837 suna riƙe da rigar da mai ita ya daɗe da kai wa tela.

Malikiyya ba su ce aure ko saki yana soke wasiyya ba. Abin da suka ce shi ne babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada, kuma ranar mutuwa ake duba wane ne magaji, ba ranar da aka yi wasiyya ba. A ɗauki misalin mutum mai mata ɗaya da 'ya'ya, wanda abin da ya bari bayan jana'iza da biyan bashi ya kai naira miliyan 24. Ya yi wasiyya da miliyan 6 ga wata bazawara 'yar unguwarsu, da miliyan 2 ga wata makarantar Islamiyya. Jimlar miliyan 8 ce, daidai da sulusi. In ya rasu a haka, bazawarar tana da miliyan 6 cif. In kuwa ya aure ta ya rasu tana ɗakinsa, ta zama magajiya, wasiyyarta ta tsaya a kan yardar sauran magada. Idan suka ƙi, tumunin miliyan 22 da suka rage bayan kason makaranta za ta raba da uwargida, kowacce ta sami naira miliyan 1 da dubu 375. Makarantar kuwa miliyan 2 ɗinta na nan, domin auren bai shafe ta ba. Da a ƙarƙashin sashe na 18 ne, da ita ma ta tashi a tutar babu.

Hukuncin yana juyawa ta ɗaya ɓangaren. Wanda ya yi wa matarsa wasiyya, sannan ya sake ta yana lafiya lau, idda ta cika, to ta daina zama magajiya, wasiyyar kuma ta inganta a cikin sulusi sai in ya janye ta. Idan ya mutu tana cikin iddar saki na kome, magajiya ce har yanzu. Idan kuma a cikin ciwon ajali ya sake ta, Malikiyya sun ce tana gadonsa ko da idda ta wuce, don haka wasiyyar ba ta zartuwa sai da yardar magada. Ma'ana, a tsarin biyu duka, saki kaɗai ba ya raba tsohuwar mata da abin da aka rubuta mata, kuma mutane kaɗan ne suka san haka.

Majalisun dokokin jihohin da har yanzu ke dogara da dokar 1837 su yi tasu dokar, su fayyace irin auren da ke soke wasiyya, su bar wasiyyar da aka rubuta da nufin wani aure na musamman ta tsira, su kuma sa rabuwar aure ta kashe kason tsohon abokin zama kaɗai. Alƙalan da ke raba aure, a babbar kotu ko a kotun shari'ar Musulunci, su riƙa tunatar da ɓangarorin biyu batun wasiyya kafin su bar zauren. Lauyoyi kuma su daina karɓar sa hannu kafin su tambayi mai wasiyya abu uku: ko yana da wata wasiyya a wani wuri, wane irin aure ke kansa, da kuma ko yana shirin ƙara wani.