Jawabi ga Ma'aikatanmu na Anka, Gummi da Bukkuyum kan Sabuwar Manhajar Rajista

Mun tara ku yau domin mu sanar da ku cewa daga ranar 1 ga wata mai zuwa za mu daina rubuta awon yara masu tamowa a takarda. Za mu riƙa shigar da shi a waya, da manhajar da ake kira KoboCollect, wadda ke aiki a wayar Android.

Dalilinmu shi ne lokaci. Takardar da aka cika a ƙauye sai ta jira mai zuwa gari, hanya kuwa kun san halin da take ciki. Kafin ofis ya ga adadin yaran da suka rame, wani yaron ya riga ya galabaita. Mun zaɓi wannan manhaja domin ana cika ta ko babu sabis. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Jihar Zamfara. Sabis sau biyu kawai ake bukatarsa: lokacin sauko da fom ta Download form, da lokacin aikawa.

Awon kansa bai canja ba. Yaro daga wata 6 zuwa wata 59, a auna tsakiyar damtsensa na hagu. Ƙasa da milimita 115 ja ne, wato tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa 124 rawaya ne, daga 125 zuwa sama kore ne. Sai dai fom ɗin da milimita yake karɓa, ba santimita ba, kuma mun sa masa wannan ƙa'ida:

```
. >= 60 and . <= 250
```

Ga misali. An kawo yarinya 'yar wata 14 daga cikin 'yan gudun hijira a Anka, tef ya nuna santimita 11.2. Idan aka rubuta 11, wayar ba za ta wuce gaba ba, domin lambar ba ta kai 60 ba. A rubuta 112. Nan take za ta nuna ja, ta ce a tura yarinyar asibiti. Daga nan za ta tambayi kumburi: a danna bayan ƙafafunta biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3, in rami ya zauna a duka biyun, a tura ta ko da awon kore ne.

Amma ku lura, waya ba ta ganin tef. In awo 112 ne aka buga 121, za ta karɓa, yarinyar ta koma rawaya a rajista alhali ja ce. Saboda haka a karanta lambar da ƙarfi, abokin aiki ya duba, kafin a danna Finalize. Fom ɗin da ke cikin Drafts bai ƙare ba. Wanda ke cikin Ready to send ya ƙare, amma yana cikin wayar, in ta ɓata ya tafi da ita. Sai kun gan shi a Sent ne ya iso ofis.

Ba za mu ɗauki hoto ko sunan maigida ba, lambar katin yaro ta isa, domin waya tana iya faɗawa hannun da bai kamata ba. Kowace waya a sa mata lambar kulle.

Yanzu ga rabon aiki. Mai kula da bayanai zai gama fom ɗin da Hausa, ya ba kowa sunan shiga, kafin ranar 10 ga wannan wata. Mai kula da sito za ta raba wayoyi, caja da sabon tef, kowa ya sa hannu, kafin ranar 14. Shugaban ma'aikatan Anka zai fara gwaji da yara 20 ranar 17, a takarda da waya tare, ya kawo mana duk inda suka saɓa ranar 19. Shugabar ma'aikatan Gummi za ta koyar da mutanenta ranar 21. Shugaban ma'aikatan Bukkuyum zai yi nasa ranar 24, ya kuma rubuto mana wuraren da sabis ke kamawa. Malamar jinya za ta riƙa duba jerin jajaye kowace safiya, ta bincika ko yaron ya isa asibiti.

Kowa ya aika abin da ya cika ranar da ya samu sabis, kada ya wuce Juma'a. A riƙe takardu 10 a jaka saboda mutuwar batir. Wanda ya ga ba zai cika ranarsa ba, ya faɗa mana tun da sauran kwana biyu.