Shirin hana cin zali a makaranta: ta yaya za a gane yana aiki?

 Yau maganarmu a kan makaranta take, ko lakwal kamar yadda wasunmu ke cewa. Sau da yawa za ku ji shugaban makaranta ya ce: "Mun kafa shirin hana cin zali tsakanin ɗalibai, kuma alhamdu lillahi ya yi aiki." Idan aka tambaye shi hujja, sai ya ce ai yanzu ba a kawo ƙara ofishinsa. To, rashin ƙara yana iya nufin zalunci ya ragu, yana kuma iya nufin yara sun fid da rai, sun yi shiru. Ma'auni uku ake amfani da su wajen raba waɗannan biyun: takardar tambayoyi, ƙidayar ƙararraki, da ganawa da yaron bayan an sasanta. Kowanne yana da inda yake ruɗar mutum, shi ya sa sai an haɗa su.

Mu fara da takardar tambayoyi. Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi aiki a ƙasar Norway. A 1983 ƙasar ta ƙaddamar da yaƙi da cin zali a makarantu, bayan wasu yara uku sun kashe kansu, kuma takardar tambayoyin da ya tsara har yau ana amfani da ita a ƙasashe da yawa. Kafin tambaya ta farko, ana bayyana wa yara abin da ake nufi: cutarwa ce da ake maimaitawa, da gangan, kuma wanda ake yi wa ba ya iya kare kansa. Yara biyu sa'o'in juna su yi dambe a filin ƙwallo, wannan faɗa ne, ba ya cikin lissafi. Sannan a tambayi yaro sau nawa aka yi masa haka a ƴan watannin nan, ya zaɓi ɗaya cikin biyar: ba a yi ba, sau ɗaya ko biyu, sau biyu ko uku a wata, kusan kowane mako, ko sau da yawa a mako. Wanda ya zaɓi "sau biyu ko uku a wata" ko abin da ya fi haka, shi ake ƙirgawa cikin waɗanda ake zalunta.

Ba a rubuta suna a takardar. Wannan shi ne ƙarfinta, don yaron da ba zai taɓa taka ofishin shugaba ba yana iya yin alama a takarda ya jefa cikin kwali. A makarantunmu akwai abu biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, kada a tsaya ga kalmar "cin zali" kawai. A makarantar kwana, ƙaramin yaro da siniya ke ƙwace wa gari da sukari, ko yake sa shi ɗebo ruwa kullum da asuba, zai ce maka ba a zaluntarsa, haka makaranta take. Sai a tambayi ayyukan ɗaya bayan ɗaya: an ƙwace maka kuɗi ko abinci? An doke ka? An laƙaba maka sunan da ba ka so? An hana sauran yara zama da kai? An yaɗa hotonka ko ƙarya a kanka ta waya? Na biyu, idan takardar da Turanci ko Faransanci take, a karanta wa yara ita da harshen da suke ji, kuma wanda zai tsaya a kansu kada ya zama malamin ajin, kada kuma ya riƙa leƙa abin da suke cikawa.

Lokacin yin tambayoyin ma yana da ƙa'ida. Ana yi kafin a fara shirin, a sake yi bayan shekara, a wata ɗaya da na farko. Dalili kuwa, cin zali yana raguwa da kansa yayin da yara ke girma. Idan ka auna ƴan aji huɗu bana, ka sake auna su baɗi suna aji biyar, za ka ga ragi ko ba a yi komai ba. Shi ya sa a binciken da Olweus ya yi a makarantu 42 na birnin Bergen, ya kwatanta ƴan aji kaza na bana da ƴan wannan ajin na baɗi, wato masu shekaru ɗaya.

Ƙasar Finland ta ƙara wani mataki. Shirinsu mai suna KiVa, wanda Jami'ar Turku ta tsara ƙarƙashin jagorancin Farfesa Christina Salmivalli, an gwada shi a zangon karatu na 2007 zuwa 2008 a makarantu 78, da ɗalibai sama da 8,000 na aji huɗu zuwa shida. An yi ƙuri'a, makarantu 39 suka fara shirin, 39 suka ci gaba yadda suke. Amfanin ƙuri'ar shi ne kada makarantun da dama can suke da himma su taru a gefe ɗaya. An yi wa yara tambayoyi sau uku: kafin farawa, a tsakiyar shekara, da ƙarshenta. Ba a tsaya ga abin da yaro ya faɗa a kan kansa ba, an kuma tambayi ƴan aji su wane ne suke ganin ana zalunta. A ƙarshe, yawan yaran da suka ce ana zaluntarsu ya gaza na sauran makarantun da kusan kashi 30 cikin ɗari. Amma kun ji fa, da aka gwada shirin a azuzuwa na bakwai zuwa tara, tasirin bai kai haka ba. Shiri ɗaya, ƙasa ɗaya, sakamako daban. Ke nan ba a aron sakamakon wani, kowa sai ya auna nasa.

Sai ma'auni na biyu, ƙidayar ƙararraki. Rajista ce da ake rubuta kowace ƙara: rana, aji, wurin da abin ya faru, irin abin da aka yi, wa ya kawo ƙarar, da matakin da aka ɗauka. Abin da rajista ke ƙirgawa shi ne abin da ya iso kunnen manya, ba abin da ya faru ba. Don haka shiri mai kyau yakan sa ƙararraki su ƙaru a shekarar farko, saboda yara sun samu wurin kai kuka. Amfaninta na gaskiya shi ne nuna wuri da lokaci. Idan rabin ƙararrakin daga bakin famfo ne lokacin tara, an san inda za a tsayar da malami.

Bari mu yi lissafi da misali, ba wata makaranta ake nufi ba. A ce makaranta ce mai ɗalibai 400. Kafin shiri, yara 360 suka cika takarda, 72 suka ce ana zaluntarsu sau biyu ko uku a wata ko fiye. Kashi 20 cikin ɗari ke nan. A wannan shekarar ƙara 9 kacal ke cikin rajista. Bayan shekara, 360 suka sake cikawa, masu wannan amsa suka koma 54, wato kashi 15, amma ƙararrakin rajista suka haura zuwa 31. Mai kallon rajista kaɗai zai ce abin ya lalace har ninki uku. Sai a duba wata tambaya a takardar: "Ka faɗa wa wani babba?" A shekarar farko 18 cikin 72 suka ce e, wato ɗaya cikin huɗu. A ta biyu 27 cikin 54, wato rabi. To ka ga inda ƙarin ƙararrakin ya fito.

Amma kada a yi saurin guɗa. A ce makarantar da ke maƙwabtaka, wadda ba ta yi shirin ba, an yi mata tambayoyi iri ɗaya, ta sauko daga kashi 20 zuwa 18. Ke nan maki biyu daga cikin biyar ɗin da aka samu ba na shirin ba ne. Abin da za a iya jingina masa maki uku ne, kusan yara 11. A makaranta guda, wannan adadi yana iya motsawa da kansa daga shekara zuwa shekara, shi ya sa sai an sake aunawa a shekara ta uku kafin a yanke hukunci. Sannan a tambaya: yara 40 da ba su cika takardar ba, su wane ne? Yaron da ake zalunta shi ya fi fashin makaranta. Idan ba a ba waɗanda ba su zo ba wata ranar cikawa, waɗanda ake nema su ne za su ɓace daga lissafi.

Ma'auni na uku shi ne komawa wurin yaron. A tsarin KiVa, kowace makaranta tana da ƙaramin kwamiti na malamai da ke zama da wanda aka zalunta da wanda ya yi zaluncin, kowa daban. Bayan kamar mako biyu sai a sake kiran wanda aka zalunta a tambaye shi ko abin ya daina. A wani nazari na ƙararraki sama da 300 da aka bi ta wannan hanya, kusan kashi 78 cikin ɗari na yaran sun ce ya daina. Adadi ne mai kyau, sai dai a tuna wa ke tambayar. A wurinmu, yaron da malami ya tsare da ido ya ce "Ya daina ko?", amsarsa "E, malam" ce, ko da an mare shi da safiyar nan. Kunya da ladabi za su cika maka rajista da nasarar ƙarya. Gara wani daban ya yi ganawar, mace ga ƴan mata, a wurin da sauran yara ba sa gani. Tambayar kuma ta zama wadda ba a amsawa da e ko a'a: yaushe ne na ƙarshe da abin ya faru? Da wa kike zama lokacin tara? Ta wace hanya kake bi zuwa gida yanzu? A sake yin haka bayan wata biyu ko uku, don duka yakan tsaya ya koma ƙauracewa, ko ya koma bayan katangar makaranta.

Mu koma ga misalinmu. Cikin ƙararraki 31, an gana da yara 25, 19 suka ce ya daina, 6 suka ce yana nan. Idan aka rubuta "19 cikin 25", an samu kashi 76. Ina sauran shidan? Idan aka bincika aka tarar biyu daga cikinsu iyayensu sun cire su daga makarantar, to waɗannan ba nasara ba ne, ko da sunansu bai sake fitowa a rajista ba. Rahoto na gaskiya zai ce: 19 sun samu sauƙi, 6 ba su samu ba, 2 sun bar makaranta, 4 ba a kai ga ganinsu ba tukuna. Kuma shidan da suka ce yana nan, maganarsu ba ta jiran rahoton ƙarshen shekara, gobe za a koma kanta.

Saboda haka, iyaye, idan kun je taron iyaye da malamai aka ce muku shirin ya yi aiki, ga tambayoyi uku. Kashi nawa na yara suka ce ana zaluntarsu kafin a fara, kuma nawa ne yanzu? Cikinsu nawa suka faɗa wa babba? Waɗanda suka kawo ƙara, wa ya koma wurinsu, kuma me suka ce? Idan na farko ya sauka, na biyu ya hau, kuma akwai amsa ta uku a rubuce, to ana kan hanya.