Wurin da Allura Ba ta Zafi, Shi ne Abin Dubawa

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah gafarta Malam Liman, iyayena maza da mata, sannunku da fitowa. Maganata ta yau da masu ciwon suga da ke yi wa kansu allurar insulin ce, da kuma waɗanda ke yi wa wani a gida, domin na san a nan akwai yarinyar da ke yi wa kakarta, akwai matar da ke yi wa maigidanta.

Bari in fara da labarin wani dattijo, tela, da ya zo asibitinmu. Ba zan kama suna ba. Insulin mai launin madara yake amfani da ita, safe da yamma. Shekara biyu da suka wuce yunit 18 yake yi da safe, 12 da yamma. Ranar da ya zo, ya kai 30 da 20, amma suga ya ƙi saituwa. Yau a gwada a ga 320, jibi ya faɗi a shago yana gumi, jiki na rawa, a gwada a ga 55. Abincinsa bai canza ba. Shi ya ce maganin ne jabu, iyalinsa suka ce yana shan shayi da suga a ɓoye. Na ce, “Baba, nuna mini inda kake yin allurar.” Ya ɗaga riga ya ɗora yatsa gefen cibiya ta dama, ya ce, “Nan, ɗana. Nan ne ba ya zafi.” Da na taɓa sai na ji ƙullutu kamar rabin ƙwan kaza, mai tauri kamar roba.

Insulin tana sa kitse ya girma. Idan kullum wuri ɗaya ake zuba ta, kitsen wurin sai ya kumbura ya cure, ya yi tauri. Wurin kan rage jin zafi, shi ya sa hannu ke komawa can da kansa. Amma maganin da aka zuba a ƙullutu ba ya shiga jini daidai. Ku tuna ƙasar da ta daddaɓe a bakin rijiya: ka zuba ruwa ya kwanta, ba ka san yaushe zai nutse ba. Yau kaɗan ya shiga, suga ya hau, a ƙara yawan magani. Gobe allura ta sauka gefen ƙullutun, a lafiyayyen wuri, duk abin da aka ƙara ya shiga gaba ɗaya, suga ya faɗi. Kada wani ya ɗauka matsalar ƙauye ce. Wani bincike da aka yi a ƙasar Sifen a 2013 ya sami irin wannan ƙullutu a jikin kusan mutum biyu cikin kowane uku na masu allurar insulin da aka duba.

Duba shi ba ya bukatar na'ura. Ka tsaya a wuri mai haske, ka shafa ɗan mai ko kumfar sabulu a yatsu, ka bi wurin a hankali kana dannawa. Sannan ka ɗago fatar da yatsu biyu. Lafiyayyar fata takan tattaru siririya, ƙullutu kuwa sai ya cika maka yatsu. Ka kwatanta dama da hagu. Sau da yawa hannu ke jin sa tun ido bai gani ba. Idan kuwa kumburin yana zafi, ya yi ja, yana zogi, wannan maruru ne ko ƙwayar cuta ta shiga, sai asibiti a ranar.

A nan ina roƙon ku buɗe kunne sosai. Wanda ya gano ƙullutu kada ya koma sabon wuri da tsohon adadin maganinsa, domin yanzu maganin zai yi aiki da cikakken ƙarfinsa. Dattijon nan likita ya rage masa kashi ɗaya cikin biyar, 30 ta koma 24, 20 ta koma 16, aka ce ya riƙa gwada suga safe da dare har mako biyu ya dawo. Da ya dawo, faɗuwar ta tsaya, lambobin sun daina tsalle, kuma kwalbar maganinsa ta fi daɗewa. Wannan lissafinsa ne shi, ba naka ba. Naka ma'aikacin lafiya ne zai yanke. Ƙullutun kuma a bar shi. Ba a tsaga shi, ba a gasa shi, ba a yi masa ƙaho. Hutu yake so, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya sace. In kuma ka ji gumi da rawar jiki da yunwa farat ɗaya, alamar suga ya faɗi ke nan, ka dama suga cokalin shayi uku a ruwa ka sha nan take.

To yaya za a hana shi fitowa? Ku manoma ne, ba a zuba iri duka a rami ɗaya. Ka raba cikinka gida huɗu, cibiya a tsakiya, ka bar faɗin yatsu biyu zuwa uku kewaye da ita. Mako guda a gida ɗaya, ranar Juma'a ka matsa gida na gaba. A cikin gidan ma, kowace allura ta nisanci ta baya da faɗin yatsa ɗaya aƙalla. Kafin ka zagayo, gidan farko ya huta mako uku. Gefen cinya na waje da saman ɗuwawu su ma wurare ne. Bayan damtse yana yi, amma da wuya mutum ya yi wa kansa daidai a can.

Sai tsawon allura. Wasu na cewa doguwa ta fi kai magani, musamman ga mai jiki. Ba haka ba ne. Kaurin fatar mutum, mai ƙiba ko siriri, kusan milimita 2 ne. Ƙarƙashinta kitse, ƙarƙashin kitse tsoka, kuma a kitsen ake so insulin ta sauka. In ta shiga tsoka takan ruga cikin jini, balle a ce a cinya aka yi mutum ya hau keke ko ya kama fartanya. Mai amfani da irin ta biro, allura mai milimita 4, wadda ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ta ishe shi ko da mai teɓa ne. A soka ta a miƙe. Yaro ƙarami da wanda ya rame sosai su ɗago fata. Mai sirinji kuwa, mafi gajarta da ake samu milimita 6 ce, sau da yawa ma mai 8 ko mai kusan 13 ake sayarwa, don haka ya ɗago fata da babban yatsa da manuniya kawai, kada ya damƙo da dukan hannu ya haɗo tsoka. Ya danna maganin a hankali, kada ya saki fatar sai ya zare allura. Mai biro ya ƙirga goma kafin ya zare, in ba haka ba zai ga magani na ɗiga a baki. Kuma ba a murza wurin.

Na san abin da Hajiya can baya take son tambaya, batun maimaita allura. Ƙa'ida ita ce sau ɗaya a jefar, domin bakinta na dakushewa ya lanƙwashe, yana yagar nama, yana taimakon ƙullutu. Na kuma san kuɗin allura ba wasa ba ne, ba zan yi kamar ban sani ba. Wanda ya rasa yadda zai yi, ya rage maimaitawar iyakar iyawarsa, ya mayar da murfi ba tare da bakin ya taɓa komai ba, ya jefar da ita da zarar ta fara zafi ko ta karkace. Amma allurar wani ba ta shiga jikin wani, ko da ɗan'uwa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Yanzu masu yin allura su taso mu duba. Maza mu shiga zauren Mai Unguwa, mata ku bi abokiyar aikina cikin gida. Wanda ya zo da sirinjinsa ko bironsa ya riƙo shi a hannu, ina son in ga tsawon allurar kowa.