Sumo na kashe kansa a bazara? Ku fara da jarka

Daga Maris zuwa Mayu, koken da na fi ji a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi shi ne sumo ya rage ruwa, yana kashe kansa.

Kafin a ciro shi, ku ba shi hutun awa ɗaya, sannan ku kunna, ku tara jarka. In ruwa ya zo da ƙarfi, can ya koma tari yana fesar iska, to ruwan bohol ne ya ja ƙasa. Ku ɗan rage bakin bawul. In kuwa tun farko da sanyi ya zo, ku zargi yashi ko fashewar bututu.

Don Allah kar ku cire na'urar kariya. Mota za ta ƙone.